Littafi Ya Nuna Riba, Amma Ina Kuɗin? Amsa Ga Mai Sabon Shagon Tireda

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na buɗe shagon tireda a unguwarmu a Kano, kuma littafina yana nuna ribar naira 100,000 duk wata. Na fara da rarar naira 300,000 a hannu, amma yau da na haɗa na durowa da na banki, naira 190,000 kawai na tarar. Ina son sayen firiza ta naira 450,000 kafin azumi don sayar da ruwan sanyi da lemo, kuma dilan da nake sari a wurinsa a kasuwar Singa ya ce zai ba ni kayan azumi bashi na mako biyu. Na haɗo hoton littafin shagon. Ina kuɗina suka shiga, kuma in sayi firizar ko in dakata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na bi littafinka shafi bayan shafi, kuma abu na farko da zan gaya maka shi ne lissafinka daidai yake, babu alamar an yi maka sata. Cinikinka na wata naira 1,500,000 ne, kayan da ka sayar ka saro su a kan 1,280,000, albashin yaron shago da wuta da fetur da dako sun ci 70,000, sannan ka cire 50,000 a matsayin kason wata ɗaya daga hayar shekara ta naira 600,000 da ka biya tun kafin ka buɗe ƙofa. Abin da ya rage shi ne ribar da ka gani. Sai dai riba tana amsa tambaya guda ce kawai, wato ko farashin da kake sayarwa ya rufe abin da kayan suka ci. Ba ta gaya maka ko ranar Litinin za ka iya zaro kuɗi ka biya dila ba, domin wannan lissafi ne na daban, wanda ba ya kallon komai sai ranar da kuɗi ya shigo hannu da ranar da ya fita.

Bari mu bi sawun kuɗin. Tun da hayar an riga an biya ta, naira 50,000 ɗin da kake cirewa a littafi ba ta fita daga durowarka a waɗannan watanni, saboda haka kamata ya yi a ce kowane wata ya bar maka tsabar naira 150,000. Wata uku ya ba da 450,000, idan aka haɗa da abin da ka fara da shi ya zama 750,000. Giɓin da ke tsakanin wannan da abin da ka tarar naira 560,000 ne, kuma duk ɗinsa yana rubuce a littafinka, a wurare uku.

Na farko shi ne shafukan baya, inda ka jera sunayen masu karɓar kaya sai ƙarshen wata. Na tara su sun kai naira 210,000. Ranar da maƙwabcinka ya ɗauki katan ɗin taliya ya ce a rubuta, littafi ya ƙidaya ciniki har da ribarsa, alhali kai kuma washegari da tsabar kuɗinka ka je ka saro wani katan ɗin ka mayar gurbinsa. Na biyu yana kan kantar shagonka. Ka buɗe shago da kayan naira 1,800,000, yanzu kuwa ƙidayar da ka yi ta nuna na 2,000,000. Ba asara ba ce, dukiyarka ce, amma naira 200,000 ce da ta rikiɗe ta zama gwangwanayen madara da sabulu da turaren da wani ya tambaya sau ɗaya ka saro dozin guda. Wani ɓangare na wannan ƙarin ma ba yawan kaya ba ne, tsada ce: idan ka sayar da buhun sukari a kan tsohon farashi, ka koma Singa ka tarar ya ƙara kuɗi, ribar da ka rubuta ita ce za ta cike bambancin kafin buhun ya dawo shagonka. Na uku shi ne cefanen gida, wanda na ga kana ɗauka kaɗan-kaɗan, ya kama kimanin 50,000 a wata, wato 150,000. Haƙƙinka ne ka ci daga guminka, amma ba ya cikin kuɗin da ka cire kafin ka fitar da riba, don haka rabin ribar kowane wata ta riga ta shiga tukunya.

Wannan bayanin abin da ya wuce ne. Abin da zai yanke maka hukunci a kan firiza shi ne hasashen abin da ke tafe, kuma ina ba ka shawarar ka yi shi mako-mako, ba wata-wata ba, domin shago yana iya ƙare wata da rara alhali a mako na uku ya rasa kuɗin sari. Ka samu takarda ka ja layi takwas, kowane layi mako guda. A kowane mako ka rubuta abu huɗu: kuɗin da ka wayi gari da shi, abin da kake sa ran zai shigo, abin da dole ya fita, da abin da zai saura, wanda shi ne zai buɗe mako na gaba. Ƙa'idar guda ce, kada ka rubuta kuɗi a makon da aka yi ciniki, sai a makon da zai taɓa hannunka ko ya bayyana a asusunka. Bashin da aka ce za a biya idan an yi albashi, makon albashi yake, kuma idan mai shi ya saba saɓa alkawari, ka ƙara masa mako biyu. Haka ma tiransifa, sai ka ga kuɗin a asusunka, ba a fuskar wayar mai saye ba.

Ga yadda naka ya fito da na gwada. Cinikin mako kimanin naira 375,000 ne, amma abin da ke shigowa tsaba, bayan an cire sabon bashi an ƙara tsohon da aka biya, bai wuce 355,000 ba. Sarin mako yana cin 320,000, wuta da fetur da dako 10,000, cefane 12,500. Ke nan kowane mako yana ƙara maka naira 12,500 kacal. Mako na farko za ka rufe da 202,500, na biyu da 215,000. A mako na uku ne za ka shigo da kayan azumi, sukari da madara da man girki da dabino, waɗanda na ga ka ƙiyasta a kan 250,000, kuma idan da tsaba ka biya, takardar za ta nuna giɓin naira 22,500. A mako na huɗu albashin yaro na 30,000 zai faɗo, giɓin ya kai 40,000. Ka lura, har yanzu ban saka firizar a lissafin ba.

A nan ne tayin dilanka yake da amfani, idan aka yi shi da lura. Bashin mako biyu yana ɗauke waccan 250,000 daga mako na uku ya kai ta na biyar, sai ka rufe na uku da 227,500, na huɗu da 210,000. A mako na biyar abin da ke hannunka zai kai 222,500 idan cinikin yau da kullum kaɗai aka yi, wanda bai kai abin da ake binka ba, sai idan kayan azumin sun fara tafiya. Idan rabinsu ya fita a kan tsaba, ya kawo kimanin 145,000, za ka biya dila ka saura da 117,500. Idan kuwa ka karɓe su tun da wuri suka zauna, ko ka bayar da su bashi, ranar biya za ta same ka hannu rabbana, kuma ɗan kasuwar da ya saɓa wa dila a karon farko da wuya a sake ɗaga masa ƙafa. Saboda haka ka karɓi bashin, amma a kan kayan da ka tabbatar suna gudu, kuma ka daidaita ranar karɓa ta yadda mako biyun zai faɗa cikin kwanakin da jama'a ke sayayyar azumi.

Firizar kuwa ka dakata. A lissafin riba tana da sauƙin gani, domin idan aka raba 450,000 a kan shekara biyar da ake fatan ta yi, naira 7,500 ce kawai a wata, kuma ruwan sanyi a zafin Kano zai iya rufe wannan. Amma mai sayar da ita ba zai karɓi 7,500 ba, duka zai karɓa a rana guda, kuma babu mako ko ɗaya a takardarka da ke da wannan kuɗi. Hanyar da ta rage ita ce ka rage sari, kanta ta yi fayau a lokacin da ciniki ya fi kowane lokaci albarka, sannan ga fetur ɗin janareta da zai ƙaru tun kafin ka san yawan masu saye. Ka fara da babbar kula da ƙanƙarar da za ka riƙa saye kullum, ka rubuta abin da take kawowa cikin wata guda, domin wannan adadi ne zai shiga hasashenka a matsayin abin da ka gani da idonka. Ka kuma tambayi masu kawo maka lemo, domin wasu kamfanonin kan ba wa shaguna aron firji bisa sharaɗin a sa kayansu kaɗai a ciki.

Abin da ya fi damuna a littafinka ma ba firizar ba ce, haya ce. Saura wata tara mai shago ya zo karɓar naira 600,000, idan bai ƙara ba. A yadda kake tafiya, bayan albashin yaro, naira 20,000 ce ke taruwa a wata, wato 180,000 cikin wata tara, idan aka haɗa da abin da ke hannunka yau ya zama 370,000. Shagon da ke cin riba kowane wata zai iya rasa kuɗin hayarsa da giɓin 230,000, kuma littafin riba ba zai taɓa yi maka kashedi ba, tun da a wurinsa an riga an cire hayar wata-wata. Kana bukatar ware kimanin 67,000 duk wata a asusu na daban da ba ka taɓawa.

Wurin da za ka samo ta a bayyane yake. Ka tsayar da sabon bashi ga duk wanda bai biya na baya ba, ka sa wa kowa iyaka, ka bi 210,000 ɗin nan cikin ladabi tun daga manyan. Wannan kaɗai zai mayar da kimanin 80,000 a wata zuwa durowa. Kayan da suka yi kwantai wata biyu ka karya farashinsu ko da a kan uwar kuɗi ne, kada ka sake saro irinsu. Cefane kuma ka mayar da shi albashi tsayayye da kake ɗauka rana guda a mako. Duk ranar Juma'a da dare ka ƙirga abin da ke hannu, ka kwatanta da abin da takarda ta ce, ka gyara makonnin gaba, ka ƙara sabon layi a ƙasa. Ranar da ka saka 450,000 a wani mako, ka ga babu makon da ya biyo baya da ya sauka ƙasa da kuɗin sarin mako guda, kuma asusun haya na nan yadda yake, a wannan makon za ka je ka ɗauko firizarka.