Waƙafi a Jamusanci, ina ake saka shi ne?

"Don Allah ina koyon Jamusanci, malamata kullum sai ta yi min jan biro a kan waƙafi. Yaushe yake zama dole?"

To ɗan'uwa, a Jamusanci ba inda ka ja numfashi ake saka waƙafi ba, ginin jimla ake dubawa. Duk jimlar da ta rataya a jikin wata, irin mai farawa da dass ko weil ko wenn, dole a raba ta da waƙafi, kuma gane ta ba wuya tunda aikatau ɗinta can ƙarshe yake komawa. Duba: Ich bleibe zu Hause, weil ich krank bin. Ka ga bin ya gudu ƙarshe ko? In kuma ta faɗo tsakiya sai ka rufe ta gaba da baya, Der Mann, der dort steht, ist Arzt, wannan waƙafin na biyun ne wallahi ya fi cinye min maki lokacin da nake aji.

Sai jimla mai zu da aikatau. In ka ga um, ohne, statt, anstatt, außer ko als a farkonta, saka kawai: Er lernt, um die Prüfung zu bestehen. Haka in akwai es ko daran da ke nuni gare ta, kamar Ich denke daran, morgen anzurufen. Amma in zu ɗin da aikatau ne su kaɗai, Er versucht zu schlafen, barshi haka ba laifi. Da scheinen kuwa kar ma ka soma, Er scheint müde zu sein ake rubutawa.