Takardar Turawa da al'adar masunta: wacce ke ɗaure ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, ina shekara ta biyu a karatun shari'a a Ngaundare. Mahaifina masunci ne, ya daɗe a Darak, a Tafkin Cadi, kafin ya dawo Kusiri. An koya mana cewa dokar ƙasa da ƙasa tana fitowa daga yarjejeniya da kuma al'ada. To in al'ada hujja ce, don me a shari'ar iyaka tsakanin Kamaru da Najeriya kotun duniya ta fifita takardar da Turawa suka rubuta a kan zaman da iyayenmu suka yi a tafki? Wani abokina ya ce duk abin ma dokar ɗagutu ce, ba ta hau kan Musulmi ba, karatunta kuma haram ne. Har Baba ya fara cewa ba zai ƙara biyan kuɗin izinin kamun kifi ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi wa karatunka albarka, ya ƙara wa mahaifinka lafiya. Karatunka halal ne, ka ci gaba. Na ga kuma ba karatun ne ya fi damunka ba, maganar Baba ce, don haka bari in fara daga kalmar da ta rikita ku.

Al'adar da aka koya maka ba ita ce al'adar da Baba yake nufi ba. Sashe na 38 na dokar da ta kafa kotun duniya ya ambaci yarjejeniyoyi, da al'adar ƙasa da ƙasa, da ƙa'idojin shari'a na gama-gari, sannan hukunce-hukuncen kotuna da rubutun masana a matsayin abin taimako. Al'adar da ake nufi a nan ta gwamnatoci ce. Sai an ga ƙasashe sun ɗore a kan wani aiki, kuma sai an ga suna yin sa ne don sun ɗauka wajibi ne a kansu, ba don kara ko ladabi ba. Shimfiɗa wa baƙon shugaba jar darduma kowa yana yi, amma wanda bai yi ba bai karya doka ba. Kama jakada kuwa karya doka ne tun kafin a rubuta yarjejeniyar Biyana ta 1961. Annabi (SAW) da kansa ya gaya wa manzannin Musailama cewa ba don ba a kashe manzanni ba, da ya sare wuyansu, alhali babu wata takarda tsakaninsa da maƙaryacin Yamama.

Ga inda suka rabu. Yarjejeniya tana ɗaure wanda ya shiga cikinta ne kaɗai, daga ranar da ta fara aiki, kuma gwargwadon lafazinta. A sulhun Hudaibiyya, Khuza'a sun shiga ta ɓangaren Annabi (SAW), Banu Bakar ta ɓangaren Ƙuraishawa, sai ya hau kansu. Abu Basir da ya tare a gefen teku, waje da ikon Madina, sulhun bai ɗaure shi ba. Al'ada ita ba ta jiran sa hannu. Kamaru da Cadi sun sami 'yanci a 1960, sun tarar da ita, ta hau kansu. Mai kuɓuta daga gare ta shi ne ƙasar da ta yi ta musanta ta a fili tun tana tsirowa, shi ma ba a manyan hane-hane irin kisan ƙare dangi da cinikin bayi ba. Ana iya fita daga yarjejeniya in ta buɗe ƙofar fita, amma ba a fita daga al'ada da wasiƙa.

Tunda yarjejeniya sai da yarda, tambayar farko kullum ita ce: wa ya yarda, kuma ta wace hanya? A nan Marwa aka yi misalin. Ranar 1 ga Yuni 1975 Ahmadu Ahijo na Kamaru da Yakubu Gawon na Najeriya suka sa hannu a kan iyakar teku. Daga baya Najeriya ta ce majalisar ƙoli ta soja ba ta amince ba, don haka takardar ba ta ɗaure ta ba. Kotu ta ce sa hannun shugaban ƙasa ya isa, takardar ta fara aiki nan take, kuma ƙaidin cikin gida da ba a bayyana shi yadda ya kamata ba ba ya zama hujja a kan abokin ƙulla alkawari. Mai karatun fiƙihu zai ji ƙamshin babin wakilci a nan. Ka gwada da yarjejeniyar 1935 tsakanin Faransa da Italiya a kan yankin Auzu. An sa mata hannu, amma ba a yi musayar takardun tabbatarwa ba, sai ba ta taɓa fara aiki ba. Da yarjejeniyar 1955 tsakanin Faransa da Libiya kotu ta ba Cadi gaskiya a kan Libiya a rikicin yankin a 1994.

To Darak fa? Abin da Najeriya ta kawo a can ba al'adar ƙasa da ƙasa ba ne, hauzi ne, wato riƙon wuri. Ruwa ya ja baya, tsibirai sun fito, masunta sun bi kifi sun kafa bukkoki da wuraren banda, hukuma ta biyo su da haraji da makaranta. Kamaru kuma ta kawo takardun Ingila da Faransa na 1919 da musayar wasiƙun 1931 da suka shata iyakar. A hukuncin 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ce in akwai takardar mallaka, riƙo ba ya ture ta sai in mai takardar ya yarda an karɓe, kuma ba ta ga Kamaru ta yarda ba. Ka tuna sharaɗin hauzi a mazhabarmu ta Malikiyya: shekara goma, mai haƙƙi yana nan, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani abin da ya hana shi magana ba. Shirun ne ke aiki, ba yawan shekaru kawai ba. Kuma malamai sun haɗu a kan cewa al'ada tana cike abin da aka yi shiru a kansa, ba ta ture abin da aka furta.

Kada ka ɗauka kotun ba ta san masunci ba. A 2009, a shari'ar Kosta Rika da Nikaragwa, kogin San Huwan na Nikaragwa ne bisa yarjejeniyar 1858, amma mutanen gaɓar Kosta Rika sun daɗe suna kamun kifin ci, Nikaragwa ba ta taɓa hanawa ba. Kotu ta ce wannan ya zama haƙƙi na al'ada da dole a kiyaye. Sai dai ka lura da iyakarsa: kifin ci ne, daga gaɓa, ba na kasuwa ba, kuma bai mayar da kogin na Kosta Rika ba. Al'adar iyayenka tana iya zama hujjar neman a bar su su yi su, ba ta kai ta matsar da iyaka ba.

Sai maganar abokinka, ita ce mai buƙatar tsayawa, don na sha jin ta a bakin samari. Hujjarsu biyu ce: wai kafirai ne suka tsara dokar, kuma wai ba mu ne muka sa hannu ba.

Ta farko ba ta tsayawa. Da wa Annabi (SAW) ya ƙulla Hudaibiyya? Da mushirikan Makka, kuma Suhailu ɗan Amru ne ya sa aka goge "Manzon Allah" daga takardar. Ana cikin rubutu Abu Jandal ya iso da mari a ƙafa yana neman ceto, sahabbai suna kallo, Umar yana tafasa, aka mayar da shi saboda magana ta riga ta ƙullu. Aya ta 72 a Suratul Anfal ta fi wannan nauyi: muminan da ba su yi hijira ba in suka nemi taimako a kan addini wajibi ne a taimake su, sai dai a kan mutanen da ke da alkawari da ku. Allah ya gabatar da alkawarin da aka yi da wanda ba Musulmi ba a wannan wurin. Ko an ji tsoron ha'inci ma, aya ta 58 ba ta ba da izinin warwarewa a ɓoye ba, sai a sanar da su a fili. Wannan ne ya sa Amru ɗan Abasa ya tare Mu'awiya yana tafe da runduna wajen Rumawa kafin wa'adi ya cika, yana cewa cikawa, ba yaudara ba, Mu'awiya kuma ya juya. Ɗagutu shi ne a halatta abin da Allah ya haramta a ce a bi. Cewa ruwan nan na wannan ƙasa ne, wancan na waccan, sulhu ne tsakanin masu iko, babin mu'amala, asalinsa halacci.

Ta biyu tana da ɗan ƙarfi, ba zan ɓoye maka ba. Babu wanda ya shawarci Kotoko ko Shuwa ko Hausawan tafki a 1919, kuma wannan zalunci ne. Amma ba sa hannun Bature ne ke ɗaure mu yau ba. A Alƙahira a 1964 shugabannin Afirka suka ɗauki alkawarin mutunta iyakokin da suka tarar ranar 'yanci. Najeriya da Kamaru kowacce da kanta ta karɓi hurumin kotun, kuma a ƙarshen 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyukan tafkin ba tare da yaƙi ba. Cinikin da wani ya ƙulla ba da izininka ba, in ka zartar da shi daga baya ya zama naka, wannan sananne ne a fiƙihu. Kuma ka tambayi abokinka: in an soke takardar, da me za a maye gurbinta? Borno za ta kawo tarihinta, Bagirmi ta kawo nata, Mandara ma haka, kuma talakan da ke cikin kwalekwale ne zai biya da jininsa.

Inda yake da gaskiya ɗaya ne. Sharaɗin da ya halatta haram ba ya hawa kan Musulmi, ko wa ya sa hannu. Ita kanta dokar ta bar ƙofar togaciya a yarjejeniyoyi da yawa, ƙasa ta shiga ta ce ban da sashe kaza, kuma ƙasashen Musulmi sun yi amfani da ita. Sanin yadda ake rubuta wannan togaciyar da lokacin da ake yin ta yana daga abin da ake buƙatar irinka su iya. Saboda haka ina ganin karatun farali ne na kifaya.

Game da Baba, ya biya kuɗin izinin da hukuma ta sa, ya karɓi rasit, ya riƙa tafiya da katinsa. Abin da wani mai kaki zai karɓa a bakin ruwa ba rasit zalunci ne, zunubin yana kan mai karɓa, kuma Baba ba shi da laifi in ya bayar don ya tsirar da komarsa. Kada ka je masa da sashe kaza da shekara kaza kamar kana gaban alƙali. Mutumin da ya ga an sauya tuta a kan garin da ya sha wuyarsa ba jayayya yake nema ba. Ka ba shi labarin Abu Jandal, ka bar shi ya yi shiru.

Abokin naka kuwa, ka yi masa nasiha sau ɗaya ko biyu. In ka ji maganarsa ta tashi daga "dokar ba ta hau kanmu ba" ta koma kafirta ma'aikata da malaman makaranta, ka ja jikinka, ka kuma sanar da wani babba a gidansu. Mutanen tafki sun riga sun ga inda wannan hanyar take kaiwa.

Wallahu a'alamu.