Yadda mai kama Sinic zai iya faɗuwa a wasan Kwidic

Tambaya: "Jama'a, ɗana yana karatun littafi na huɗu na Harry Potter, ya zo ya tsare ni da tambaya. Wai ta yaya Krum ya kama 'yar ƙwallon zinaren nan amma ƙasarsa ta sha kashi? Ni a fim na ɗauka wanda ya kama ta shi ya ci wasa. Don Allah wanda ya san dokokin ya warware mini."

'Yar uwa, kama Sinic, wato 'yar ƙwallon zinaren nan, abu biyu yake yi, kuma cin wasa ba ya cikinsu. Yana ba ƙungiyar wanda ya kama ta maki 150, sannan yana tsayar da wasa nan take. Bayan nan sai a dubi allo, wanda makinsa ya fi yawa shi ne da nasara. Abin da ya sa mutane ke haɗa su wuri ɗaya shi ne 150 ɗin tana da yawa ƙwarai, a mafi yawan wasanni ita ke raba gardama. Amma kafin lissafin ya zauna miki sai kin san inda sauran makin ke fitowa.

Kowane ɓangare mutum bakwai ne, kowa a kan tsintsiyarsa yana tashi sama, ƙwallaye kuma huɗu ne a fili lokaci guda. Filin kamar ƙwai yake, tsawonsa ƙafa 500, faɗinsa ƙafa 180. A kowane ƙarshe akwai dogayen sanduna uku masu zobe a kai, su ne raga. 'Yan gaba uku suna jefa wa junansu wata jar ƙwallon fata mai suna Kwaful, duk wanda ya zura ta a ɗaya daga zobban abokan hamayya ya ciyo maki 10. Gola ɗaya ne yake tsaron zobba ukun gaba ɗaya, shi ya sa aikinsa ya fi na golan ƙwallon ƙafa ciwon kai: ya karkata wajen zoben hagu, a jefa ta na dama. Sai baƙaƙen ƙwallayen ƙarfe guda biyu, Bulaja, waɗanda ba su da gwani. Da kansu suke yawo suna neman wanda za su kakkaɓo daga tsintsiya, ko ɗan wane ɓangare ne. Mutum biyu masu kulki aikinsu su kore su daga kan 'yan uwansu su aika wa abokan hamayya. Bulaja ba ta kawo maki ko ɗaya, sai dai ta karya hannun wanda zai ciyo shi. Na bakwai shi ne mafarauci, wanda ba ruwansa da Kwaful. Idonsa na kan Sinic, 'yar ƙwallon zinare mai fukafukan azurfa da ke shigewa cikin tafin hannu, ga gudu ga iya ɓuya.

Babu agogo a wasan nan, babu hutun rabin lokaci, babu ƙarin lokaci. Hanya biyu ce kawai ake tashi: a kama Sinic, ko kyaftin ɗin ɓangarorin biyu su yarda a tsaya. Wanda ke baya kuwa da wuya ya yarda. Don haka mafarauci shi ne riƙe da usur ɗin tashi, kuma duk wahalar aikinsa tana wajen sanin lokacin da ya dace ya busa.

Maki 150 daidai yake da ƙwallo 15. Idan an fi ku da ƙwallo 14, wato maki 140, mafaraucinku ya kama Sinic, kun ci wasa da tazarar 10. Idan da 15 aka fi ku, kamun zai kai ku kunnen doki ne kawai. Daga 16 zuwa sama, kamun ya zama ku da hannunku kuka rufe wasan kuna baya.

To wasan da yaron ke karantawa shi ne na ƙarshe a gasar cin kofin duniya, Ireland da Bulgaria. 'Yan gaban Ireland uku, Troy da Mullet da Moran, sun fi ƙarfin Bulgaria nesa ba kusa ba. Ƙwallo 17 suka zura, maki 170. Bulgaria ƙwallo ɗaya tak ta samu, maki 10. Tazara 160, wato ƙwallo 16, ta wuce abin da Sinic za ta iya cikewa da ƙwallo ɗaya. Krum mafaraucin Bulgaria ya kama, 10 ta koma 160, aka tashi 170 da 160.

Tambayar da yara masu wayo ke biyowa da ita ita ce, to me ya sa bai jira ba? Amsar da ke cikin littafin ita ce ya san ba za su taɓa kamo Ireland ba, ya gwammace ya rufe wasan da kansa. Akwai kuma wani abu da masu karatu ke tsallakewa saboda sauri. Ba Krum ne ya fara ganin Sinic ɗin ba, Lynch mafaraucin Ireland ne ya hango ta ya sulalo ƙasa. Krum a lokacin Bulaja ta fasa masa hanci, jini na zuba, haka ya bi bayansa. Da ya tsaya kallo Lynch ya kama, da an tashi 320 da 10. Zaɓin da ke gabansa a wannan ƙiftawar idon faɗuwa da maki 10 ne ko faɗuwa da maki 310. Lynch ya daki ƙasa karo na biyu a wasan, Krum ya taso sama da zinaren a hannunsa, rigarsa jina-jina. Ni a ganina babu abin zargi a abin da ya yi. In ana neman wanda za a ɗora wa laifi, a nemi golan da aka zura wa 17 da masu kulkin da suka kasa wargaza 'yan gaba uku.

Kuma wannan ba shi kaɗai ba ne. A littafi na biyar a gasar makaranta, Ginny ta kama wa ƙungiyar gidan Gryffindor Sinic, amma ƙungiyar gidan Hufflepuff ta ci wasan 240 da 230, saboda ƙwallayen da aka yi ta ɗura wa Ron golan Gryffindor a raga.

Inda lissafin ya fi daɗi shi ne gasar makarantar Hogwarts, domin a can cin wasa kaɗai ba ya isa. Gidaje huɗu ne, kowanne yana buga wasa uku a shekara, kuma ana duba makin da aka tara. A littafi na uku, kafin wasan ƙarshe, Slytherin tana gaban Gryffindor da maki 200 cif. Sai Gryffindor ta ci da tazarar da ta wuce 200 kafin ta ɗauki kofi. Sinic za ta kawo 150, saura fiye da 50 dole su fito daga hannun 'yan gaba. Tun da goma-goma ake ci, ma'anarsa sai suna gaba da 60. Shi ya sa Wood kyaftin ɗin Gryffindor ya yi ta nanata wa mafaraucinsu Harry har ya gundure shi cewa kada ya kuskura ya kama kafin tazarar ta kai. Da ya kama suna gaba da 30, da sun ci wasa sun rasa kofi.

Ki lura da abin da hakan ya mayar da aikin Harry. A farkon wasan hana Malfoy mafaraucin Slytherin kamawa ne aikinsa. Da ya hango Sinic tun tazarar ba ta kai ba, sai ya yi kamar ya gan ta a wani ɓangare dabam, ya zabura can, Malfoy ya bi shi, ita kuwa ta ɓace. Da aka kai 70 da 10 lokaci ya yi, Harry ya miƙa hannu ke nan Malfoy ya cafke wutsiyar tsintsiyarsa ya ja. Laifi ne, an ba da fenariti, amma mai bugawa ta ɓarar da ita saboda fushi, Slytherin kuma ta ci ɗaya, aka koma 70 da 20. Tazara 50, kofi ya sake kuɓucewa. Sai da Angelina ta ƙara ɗaya aka zama 80 da 20, sannan Harry ya kama. An tashi 230 da 20, tazara 210, ƙwallo ɗaya ce ta raba su da asarar kofin.

Wannan jan wutsiyar ya nuna wani rami da ke cikin dokokin. Hukuncin laifi fenariti ne: ɗan gaba ɗaya ya taso daga da'irar tsakiyar fili, kowa ya ba shi wuri, daga shi sai gola. Iyakar abin da za ta haifar maki 10 ne. Wanda ya yi laifi don ya hana kamun 150 ya biya 10, ko ma bai biya komai ba idan gola ya ture, ai ya ci riba. Ga shi a dokokin da aka jera ba a maye gurbin wanda ya ji ciwo ana cikin wasa, ƙungiyarsa haka za ta ci gaba da gurgun adadi. Shi ya sa mafarauci ya fi kowa shan duka, kuma mai kulkin da ya san aikinsa shi yake fara nema. Ƙungiyar da ta rasa mafarauci ba ta da ikon tsayar da wasa, domin wani ɗan wasa dabam ya taɓa Sinic laifi ne. Abin da ya rage mata shi ne ta wuce gaba da fiye da 150 kafin ɗaya ɓangaren ya kama.

Laifuffukan wasan 700 ne a rubuce, ba a kuma fito da jerinsu fili ba don kada a koya wa 'yan wasa mugunta. Waɗanda suka shafi maki kai tsaye kaɗan ne. Ɗan gaba ɗaya kawai aka yarda ya shiga yankin raga a lokaci guda, idan suka shiga biyu an soke ƙwallon. Dole ya jefa Kwaful, ba zai zura ta hannunsa na kanta ba. Gola kuma daga gaban zobe zai tare, ba zai tsaya a baya ya zuro hannu ya naushe ta waje ba. Ana iya ƙwace Kwaful daga hannun mutum, amma ba a riƙe jikinsa. Sama ba ta da iyaka, sai dai wanda ya ƙetare layin fili ƙungiyarsa ta miƙa Kwaful ga abokan hamayya.

Idan yaron ya tambayi dalilin da ya sa 150 ce ba 50 ba, akwai amsa a cikin tarihin da aka ƙirƙira wa wasan. A shekarar 1269 wani shugaban majalisar matsafa mai suna Barberus Bragge ya saki wani ɗan tsuntsu mai ruwan zinare a tsakiyar wasa, ya sa ladan tsabar zinare 150 ga wanda ya kama shi. Kuɗin ya koma maki, tsuntsun kuma da ya kusa ƙarewa aka hana farautarsa, wani maƙeri Bowman Wright ya ƙera ƙwallon ƙarfe mai nauyinsa da salon tashinsa. Ƙwallon tana tuna fatar wanda ya fara taɓa ta, shi ya sa ko maƙerinta da safar hannu yake aiki, domin idan mafarauta biyu suka yi gardamar wanda ya riga, ita za ta nuna mai gaskiya.