Ranar da aka rubuta da fensir a katin rigakafi ta wuce, ya zan yi?

"Salamu alaikum iyaye. Ga hoton katin rigakafin yarona, an haife shi 3 ga Maris. An rubuta in koma 9 ga Yuni, ban samu zuwa ba, ga shi yau 20 ga wata. An ce mini sai an faro allurar daga farko. Sannan lambobin nan na gefe na mene ne? Wallahi na kasa barci."

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kwantar da hankalinki, wannan katin ya rikita yawancinmu a nan. Na buɗe hoton na duba layi-layi, kuma ba ki makara ba. Ba a faro rigakafi daga farko, ko an yi watanni ba a je ba. Daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Duba layin da aka rubuta Penta, allurar da ke kariya daga cututtuka biyar. Ta farko an yi ta 14 ga Afrilu, yana da sati 6 cif. Ta biyu kamata ya yi a yi ta 12 ga Mayu, amma abin da ke rubuce da biro 2 ga Yuni ne. To ita waccan 9 ga Yuni da ke hana ki barci, da fensir take, kuma ga alama tun zuwan farko aka lissafa ta, bisa zaton komai zai tafi a kan lokaci. Tunda ta biyu ta ja baya, dole ta uku ma ta ja, domin ana barin aƙalla kwana 28 tsakanin allura da 'yar uwarta, jiki ya gama aiki da ta baya. Da kin je ranar 9 ɗin ma, kwana 7 ne kacal tsakani, ba za a yi masa ba. Ranarki 30 ga Yuni ce.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Wanda ya cike layin 2 ga Yuni, goge fensirin nan ya sa sabuwar rana ba zai ci masa minti ɗaya ba. A'a, sai a miƙo wa uwa kati ba bayani, in ta dawo a hau ta da faɗa a gaban jama'a, ta koma gida da kunya. Sannan wani wanda bai taɓa karanta katin ba ya ce a faro daga farko. Uwa ta tuno kukan da yaro ya sha da kumburin cinya, ta ce ta haƙura. Haka ake barin yaro da rabin kariya daga mashaƙo da tarin shiƙa, ba don uwarsa ba ta damu ba.

Wani abin da ba ki tambaya ba: gidan PCV na biyu, wato allurar rigakafin ciwon huhu, fayau yake, babu rana babu lamba. Ko dai ta ƙare musu ranar, ko an yi ba a rubuta ba. Ki nuna musu da yatsa, su duba babban littafinsu. In ba a yi ba, ranar 30 zai karɓi ta biyu, ta uku kuma daga 28 ga Yuli.

Lambobin gefe masu gauraye da haruffa, lambar rukunin maganin ce, daga jikin kwalba ake kwafo ta. Ba rana ba ce, ba kuma yawan abin da aka ba shi ba. Inda kika ga EXP da wata da shekara, wa'adin kwalbar ne, ba na kariyar da ke jikin yaro ba. Amfanin lambar shi ne in wani abu ya faru bayan allura, kamar jijjiga, zazzaɓi mai zafi sosai, ko kuka babu tsayawa har awa 3. Nan take ki kai shi asibiti da katin a hannu, da lambar za a gano rukunin maganin da aka yi amfani da shi. Ɗan ɗumin jiki da kumburin wurin allura na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Mura ma ba ta hana allura.

Ranar 30 ki shirya, za a haɗa masa Penta ta uku da ɗigon shan inna da IPV, wato allurar shan inna, ga ɗigon Rota na rigakafin gudawa in akwai saura a katin. Kada ki ce ai masu bi gida-gida sun ɗiga masa, wancan ƙari ne, ba ya cike gidan kati. Sannan akwai ta wata 9, wato 3 ga Disamba, ta ƙyanda da sauran da ke layinta. Wannan daga ranar haihuwa ake ƙirga ta, jinkirin Penta bai shafe ta ba.

Ƙasan katin bai fito ba, haske ya dake shi, ban iya karanta layin ƙyanda ta biyu ba. Ki shimfiɗa shi a inuwa ki sake ɗauka, gaba da baya, ki rufe sunan yaro da lambar wayarki kafin ki turo. Allah ya raya mana shi.