Uwa da ɗan fari a bakin ƙofa: yadda ake rubuta maganar da ba a faɗa ba

*Gwaggo, a labarin da nake rubutawa akwai wurin da Auwalu zai tafi bautar ƙasa, sai na sa mahaifiyarsa ta ce, "Auwalu ɗana, ina ƙaunarka, zan yi kewarka." Ƙawayena sun ce uwa ba ta faɗa wa ɗan fari haka. To idan al'ada ta hana ta faɗa, ta yaya mai karatu zai san abin da ke ranta?*

'Yata, ƙawayenki sun yi gaskiya, in dai gidan da kike ba da labarinsa irin gidajen da muka tashi a ciki ne. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari. "Kai" take ce masa, ko "wannan yaron", ko ta yi amfani da laƙabin da kakanni suka sa masa. Ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta jan doguwar hira da shi, sau da yawa ma da an yaye shi kaka ko wata gwaggo ce ke ɗauke shi. Wajen 'yan'uwanmu Fulani abin ya fi haka tsanani. A birni yanzu ya yi sauƙi, akwai iyaye matan da ke kiran ɗan fari gatsal ba su ji komai ba, don haka ki fara yanke shawara: wace irin uwa ce taki, shekarunta nawa, a ina ta tashi? Idan mai kunya ce, to kunyar nan ita ce jarinki. Son yana nan cike da ciki, an dai toshe masa ƙofar baki ne, dole ya nemi wata hanyar fita. Aikinki ki nemo hanyar.

Kafin ki rubuta kalma ɗaya ta hirar, ki ɗauki wata takarda daban ki rubuta abin da ke ran kowa ƙarara. Uwa: tana tsoron hanya, ba ta yi barci ba, tana so ya san ta damu. Auwalu: yana so ya kwantar mata da hankali ba tare da ya nuna ya gane ta damu ba, domin nuna ya gane tona mata asiri ne. Takardar nan taki ce ke kaɗai, kada jimla ɗaya daga cikinta ta shiga bakin kowa. Sai ki nemo abin da za su yi magana a kansa a madadin haka. A ranar tafiya ba sai kin wahala ba, guzuri ne. Ga yadda ni zan yi:

*Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.*

*"Inna, zan wuce."*

*"Auta, ɗauko ƙullin nan na bayan gado ki ba yayanki."*

*Auta ta kawo. Dambun nama ne, da yajin daddawa, da wani ƙaramin ƙulli a tsumman atamfa. Ya taɓa ya ji kuɗi ne.*

*"Inna, ai Baba ya ba ni na mota."*

*"Ance can ruwan sama ba ya ɗaukewa. Auta, kin sa masa rigar sanyin?"*

*"Tun jiya kika sa da kanki, Inna."*

*"To. Allah ya tsare. A riƙe salla."*

*"Amin." Ya miƙe. Har ya kai soro bai ji ƙarar rariyar ta dawo ba.*

Ki duba abin da ya faru. Sai a jimlar ƙarshe ta yi masa magana, ita ma ba da "ka" ba, da "a" ta yi ta, kamar mai yi wa jama'a nasiha. Sauran duk ta kan Auta ta bi. Wannan ba dabarar marubuta ba ce, haka gidajenmu suke: mai kunya yana neman ɗan aike ko da wanda yake nufi yana zaune a gabansa. Sannan da ya yi zancen kuɗi ba ta amsa ba, ta koma kan ruwan sama. Amsar da ta kauce wa tambaya tana gaya wa mai karatu cewa an taɓa wuri mai ciwo. Ita kuwa Auta, yarinya ce, kunya ba ta kama ta ba tukuna, shi ya sa ta fasa ƙwan ba da sani ba. Da jimlarta guda mai karatu ya san uwar nan ta kwana tana shirya jaka. Ki riƙa ajiye irin wannan mutum kusa: ƙaramin yaro, ko kaka, wadda wasan jika ya ba ta damar cewa "mijina zai tafi ya bar ni" a gaban kowa. Idan kowa a ɗakin yana ɓoye-ɓoye, mai karatu ba shi da inda zai dafa.

Inda na fi ganin yaran yanzu suna ɓata aikinsu shi ne bayan sun gama. Sai su rubuta hira mai kyau irin wannan, sannan tsoro ya kama su, su ƙara da cewa, "Ta faɗi haka ne don ta ɓoye tsananin son da take yi masa." Wallahi ina jin zafin wannan layi duk inda na gan shi. Kin ba mutum fura kuma kin shanye masa. Daɗin da mai karatu yake ji na ganowa da kansa ne, ki bar masa. Idan kin ji dole sai kin yi bayani, alama ce hirar ba ta yi aikinta ba, ki koma ki gyara ta, kada ki manna mata sharhi.

Kishiyar wannan ita ma tana faruwa. Idan kika cire ƙullin kuɗin da maganar Auta, abin da zai rage uwa ce mai tankaɗe da ba ta kula ɗanta ba, wanda bai san al'adar ba zai ɗauka ƙiyayya ce. Baki zai iya rufewa, amma sai hannu ya yi wani abu da ido zai gani. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce. Ki ba ƙawarki shafin, kada ki ce mata komai, in ta gama ki tambaye ta me uwar take so. Ta faɗi abin da ke kan takardarki ta ɓoye, kin dace. Ta ce uwar ba ta damu da shi ba, ki ƙara alama guda, ba uku ba.

Kada kuma ki haɗa wannan da habaici. Kishiya da ke yi wa kaza faɗa a tsakar gida tana cewa wasu ba su san gidan mutane ba, ita ma ba ta faɗi abin da take nufi kai tsaye ba, amma so take a gane, a ji zafi, ba tare da an kama ta da laifi ba. Uwar Auwalu so take a gane kuma a yi kamar ba a gane ba. Saboda haka amsar da ake mayarwa ta bambanta. Mai habaici ana rama mata da wani habaicin ko a yi mata banza. Mai kunya ana taya ta rufewa, shi ya sa Auwalu bai ce "Inna kada ki damu" ba, "Amin" kawai ya ce ya tashi. Karin magana ma ki yi hattara da ita a nan. Uwa a irin wannan safiya ba ta da sukunin jero karin magana, gajerun kalmomi ne ke fita.

Jimlar da kika rubuta da farko kada ki yar da ita. Ki ajiye ta. Idan labarin ya kai inda Auwalu ke kwance a asibiti, ko ya dawo bayan an fid da rai, a nan ne uwar za ta iya kama sunansa, sau ɗaya tak a littafin duka, ba sai ta ƙara da "ina ƙaunarka" ba. Amma hakan ba zai yi nauyi ba sai in kin tsare bakinta tun daga shafin farko, don haka ki koma babukan baya ki duba duk inda ta kira shi da suna ki cire. Ki turo mini babin idan kin gyara, ki gaishe da mamanki.