Takardar auna aikin ma'aikaciyar da za ta tafi hutun haihuwa

Tambaya: Salamu alaikum. Ina shugabantar sashen tallace-tallace a wani kamfani mai zaman kansa a Kano. Wata ma'aikaciyata za ta fara hutun haihuwa ranar 1 ga Nuwamba, mu kuma a Disamba muke rubuta takardun auna aikin shekara. In rubuta tata yanzu ko in jira ta dawo? Kuma ya zan yi da adadin da ba ta cika ba?

Wa'alaikumus salam, Malam. Rubuta yanzu, kafin ta ajiye makullin ofis. Na daɗe a ofishin kula da ma'aikata, kuma duk takardar da aka bari sai mai jego ta dawo, da abin da aka iya tunawa ake rubuta ta. Lokacin an riga an raba kuɗin ƙarshen shekara, an rufe jerin masu ƙarin girma, ita kuwa sunanta bai shiga ba.

Maganar adadi ita ce mai nauyi. Ba za ka auna ta da wata 12 ba alhali wata 10 ta yi. Akwai wata da na taɓa duba takardarta, an ɗora mata kawo sabbin shaguna 120 a shekara, ta kawo 92 zuwa ƙarshen Oktoba. Maigidanta na ofis ya raba 92 da 120, ya samu kashi 77 cikin 100, ya rubuta "ba ta cimma ba". Amma rabon wata 10 shaguna 100 ne, kenan kashi 92 ta yi, wanda a ma'auninmu ya faɗa cikin masu kyau. Wannan lissafin kaɗai ya raba tsakanin a ba ta ƙarin albashi da a hana ta. Ka sa lissafin ɓaro-ɓaro a takardar: lokacin da aka auna, Janairu zuwa Oktoba, adadin da ya dace da lokacin, 100, abin da ta kawo, 92. Sai dai ka duba yanayin kasuwarku. In cinikinku ya fi tashi a azumi da gabannin sallah kuma ta yi waɗannan watannin, ko kuwa sai ƙarshen shekara yake buɗewa, raba daidai wata-wata ba zai yi adalci ba. Ɗauko alkaluman bara na watannin nan goma ka gwada da su.

Sannan ka kiyayi tausayi a rubuce. Ni da kaina na yi wannan kuskuren a farkon aikina. Na rubuta wa wata "duk da halin da take ciki, ta yi ƙoƙari", ina ganin alheri na yi mata. Bayan shekara biyu, a zaman ƙarin girma, wani da bai ma san ta ba ya karanta layin ya ce ai ga shi shugabarta ma ta nuna aikin bai kai ba. Har yau abin na damuna. Kada kalmar ciki, laulayi ko haihuwa ta fito a wurin auna aiki. Ranakun zuwa awo da ta nemi izini aka ba ta, ba fashi ba ne, kada su shiga layin zuwa aiki. Hanyar gane ko ka karkace mai sauƙi ce: ajiye takardarta ta bara kusa da ta bana. In bara lambobi ne da sunayen ayyuka, bana kuma "ta rage kuzari" da "hankalinta ya rabu", to cikin ka auna.

Ba ina cewa ka rufe laifi ba. In rahotonta na wata-wata yana makara tun Fabrairu kuma kun yi maganar, rubuta shi da kwanan wata. Abin da ba ka taɓa faɗa mata ba ne bai kamata ya ɓullo mako guda kafin tafiyarta ba, don ko gaskiya ne, kama da neman dalilin kora zai yi. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ta mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin, kuma ya hana a ba ta takardar sallama tana cikin hutun. Duba ƙa'idar kamfaninku ma, wasu suna ba da fiye da haka.

Ranar tafiya, ranar dawowa da wanda zai riƙe aikinta, takarda daban ka yi musu. Adadin baɗi kuma ya fara ƙirga daga ranar da ta dawo, kusan ƙarshen Janairu in mako 12 ne. Ka tuna dokar ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Ku zauna tun farkon Oktoba, ta karanta, ta rubuta nata bayanin a ƙasa, ta sa hannu, ta tafi da kwafi. Kada ka ja shi zuwa makon ƙarshe, haihuwa ba ta bin ranar da likita ya rubuta. Allah ya sauke ta lafiya.