Yadda ake roƙon kamfanin saba ya buɗe ƙofa ta 25

Tambaya: Ni ne mai kula da kwamfutocin wata makarantar sakandare a Garwa. Mun yi hayar saba don aika wa iyaye sakamakon yara ta imel, amma saƙo ba ya fita. An ce kamfanin da ya ba mu hayar ne ya toshe ƙofa ta 25, wadda saba ke aika imel ta cikinta. Me zan rubuta musu?

Amsa: Malam, kafin ka ɗauki alƙalami, tabbatar da toshewar daga cikin sabar:

```
nc -vz gmail-smtp-in.l.google.com 25
```

In ya tsaya shiru har lokaci ya ƙare, ƙofar a rufe take. In ya haɗu nan take, matsalar tana wani waje, wasiƙa ba za ta yi maganinta ba.

Abin da kamfanin ke tsoro ɗaya ne: a yi amfani da adireshinsa a watsa saƙonnin banza, Spamhaus ta sa shi cikin jerin waɗanda ake ƙin karɓar saƙonsu, sauran abokan cinikinsa su sha wahala. Don haka "mu makaranta ce, ku taimaka mana" ba ta isa ba. Mai karanta wasiƙarka lambobi yake nema. Rubuta lambar asusunku, adireshin IP da sunan sabar, sannan ka faɗi gaskiyar yawan saƙo. Misali, iyaye 600 da suka ba da adireshinsu da kansu ranar rajista, sakamako sau uku a shekara, da sanarwa kamar 40 a mako. Ka ambaci ranar da saƙo 600 za su fita a tare, don kada na'urarsu ta ɗauka an yi muku kutse.

Inda na fi so ka daɗe shi ne tsaro. Gaya musu sabar ba ta tura saƙon wanda bai shiga da suna da kalmar sirri ba, kuma kwamfutocin ɗakin ɗalibai ba sa cikin `mynetworks`, wato jerin na'urorin da manhajar imel ta Postfix ke bari su tura saƙo ba tare da kalmar sirri ba. Wannan na damuna sosai, domin filas ɗaya mai ƙwayar cuta ya isa ya ɓata sunan makaranta cikin dare guda. Ka nuna ka riga ka saita SPF, DKIM da DMARC, masu tabbatar da cewa saƙon daga wajenku ya fito, ka ba da adireshin `abuse@` da kake dubawa kullum.

A wasiƙar dai, roƙi PTR da ya dace da sunan sabarku, wato rikodin da ke nuna sunan da ke kan adireshin IP ɗinku. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke buƙatar wannan daga duk mai aiko masa saƙo, don haka ko an buɗe ƙofa, saƙonku na iya dawowa in babu shi.

Duba ƙa'idar kamfaninku tukuna. Hetzner, alal misali, sai ka yi wata guda ka biya kuɗin farko kafin ya saurari roƙon. In aka ƙi, sa `relayhost` ya bi ta wani mai tura imel a ƙofa ta 587, in tana buɗe a wajen kamfaninku. Ga makaranta irin taku wannan ma ya wadatar.